Tuta a Maimakon Usur: Shirya Wasan da Yaro Mai Raunin Ji Zai Buga Tare da 'Yan Ajinsu

Yaron da ba ya ji sosai ƙafarsa lafiya lau take, gudunsa da ƙarfinsa kamar na kowa. Abin da ke fitar da shi daga wasa shi ne labarin wasan yana zuwa masa a makare. An busa usur, kowa ya tsaya, shi yana can yana gudu da ƙwallo har ya zura a raga, ya juyo yana murna ya tarar ana yi masa dariya. Idan haka ta faru sau biyu ko uku, ran nan sai a gan shi gindin bishiyar darbejiya yana gadin jakunkuna da takalman 'yan aji. Aikin malami shi ne ya gano duk inda wasa yake tafiya da sauti, ya mayar da shi abin da ido ke gani, kuma ya yi haka ga ajin gaba ɗaya, ba ga yaro guda ba.

Za mu bi darasi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauka aji huɗu ne na firamare a Tudun Wada, Kaduna, yara 48, darasin motsa jiki na minti 35, fili na jar ƙasa a bayan azuzuwa. A cikinsu akwai yaro ɗan shekara goma wanda sanƙarau ya taɓa masa ji yana ɗan shekara shida. Yana magana, yana ɗan jin murya idan an matso kusa da kunnensa na dama, ba shi da na'urar ƙara ji.

Fara da sanin irin jin yaron

Kafin a sayi ko ƙyalle ɗaya, malami ya zauna da iyayen yaron da shi yaron kansa ya samu amsar tambayoyi uku: wane kunne ne ya fi ji, me ya jawo matsalar, kuma da me yake fahimtar mutane a gida.

Kunnen da ya fi ji shi ne zai nuna inda za a tsayar da shi a fili. Yaron da kunnensa na dama ke aiki a sa shi a gefen hagu na filin idan ƙungiyarsu na fuskantar ragar abokan hamayya, domin kunnen mai ji ya kalli tsakiya inda wasa yake. A kuma sani cewa mai ji da kunne ɗaya yakan ji an kira shi amma ya kasa gane ta ina kiran ya fito, tunda kunne biyu ne ke haɗuwa su gaya wa mutum inda sauti yake. Shi ya sa za ka ga an ce masa "ga ni nan!" ya juya wani wajen daban. Yara sukan ɗauka wauta ce, alhali ba ita ba ce.

Sanadin matsalar yana da muhimmanci saboda sanƙarau, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan musamman lokacin zafi, yakan lalata can cikin kunne, kuma a nan ne sashen da ke riƙe daidaiton jiki yake. Irin wannan yaro yana dogara da idonsa wajen tsayuwa daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a tsaye kusa da bango, malami na gefensa, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido buɗe a ƙirga goma, sannan ya rufe ido a sake ƙirgawa. Idan da ido buɗe ya tsaya, da ya rufe ya yi tangal-tangal nan take, to ba a ɗaure masa ido a kowane wasa, ba a kuma sa shi hawa wuri mai tudu da magariba. Yaron da kunnensa ke fitar da ruwa kuwa jinsa yakan hau ya sauka, wannan makon ya ji, mako mai zuwa ya kasa. Kada a ce "ai jiya ya ji ni, yau taurin kai ne". A ba iyaye shawara su kai shi a duba shi. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan cikin garin Kaduna take.

Tambaya ta uku ita ce ta hanyar magana. Wani yaron ya iya maganar hannu irin ta gargajiya da kuramen ƙasar Hausa ke yi, wani ya koyi ta makaranta wadda ta samo asali daga ta Amurka, wani kuma alamun gidansu kawai ya sani. Idan yana da alamar da yake yi wa "tsaya" ko "zo", a ɗauki tasa a koya wa ajin. Ya fi sauƙi yara 47 su koyi alama ɗaya da a ce shi ya bar wadda ya saba.

Abin da ya sa ɗaga murya ba ya aiki a fili

A sarari, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kimanin desibel 6. Muryar hira a tazarar mita 1 tana kusan desibel 60. A mita 2 ta koma 54, a mita 4 ta koma 48, a mita 8 kuma 42. Yaron da ke jin malami a cikin aji daga bencin gaba, da an fita fili an yi taku goma ya rasa shi, ga iska, ga ihun yara, ga ƙarar Keke Napep a bakin titi. Na'urar ƙara ji ma ba ta warware wannan, domin ta fi amfani a tazara ta kusa, kuma duk hayaniyar filin take ƙarawa tare da muryar.

Karanta leɓe ma yana da iyaka. Malami ya tsaya gaban madubi ya ce "bari", "mari", "ɓari" ba tare da fitar da sauti ba: duka ukun iri ɗaya suke a leɓe. Su "k" da "g" da "ƙ" can cikin baki ake yin su, ba a ganin komai. Hawa da saukar murya, wanda a Hausa yake bambanta kalma da kalma, shi ma ido ba ya kama shi. Ihu kuwa yana ƙara ɓata siffar baki. Saboda haka duk abin da dole yaro ya sani cikin daƙiƙa ɗaya ba a ɗora shi kan murya.

Kayan aiki

Tuta tara ake bukata ga fili biyu: huɗu-huɗu a kusurwoyi, ɗaya ta malami. Yadi biyu da rabi na ƙyalle mara tsada ya isa tela ya fitar da guda goma, kowace santimita 40 tsawo da faɗi, ya yi mata aljihu a gefe ɗaya a zura sanda mai santimita 60. A Kasuwar Barci ana samun ƙyallen da telan a wuri guda. Launin ya zama rawaya mai haske ko ruwan lemo mai ƙyalli. Ja da ruwan ƙasa suna ɓacewa a jikin jar ƙasa, fari kuma yana sajewa da hazon hunturu. Kada launin ya yi kama da yunifom ɗin makarantar.

Sai kwali biyar da aka rubuta lamba 1 zuwa 5 da baƙar maka, kowace lamba ta kai tsawon tafin hannu biyu. Sai toka ko farar ƙasa ta shata layi, da zirin ƙyalle kala biyu da yara za su rataya a kafaɗa don a gane ƙungiya. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Yara masu ji suna gane ɗan ƙungiyarsu da muryarsa. Shi kuwa sai da ido.

Minti biyar na farko: bayani

Mafi yawan ɓarnar a nan take faruwa, tun ba a taɓa ƙwallo ba. A tsayar da yara rabin da'ira, ba layi-layi ba, don kowa ya ga fuskar malami ya kuma ga na kusa da shi. Malami ya fuskanci rana, yara su ba ta baya. Da safe ke nan malami yana kallon gabas. Idan rana na bayan malami, fuskarsa inuwa ce kawai. Yaron ya tsaya taku biyu daga malami, kunnensa mai ji ta wajensa. A cire takunkumin ƙura da baƙin tabarau, a cire usur daga baki, malama kuma ta ja mayafi baya daga haɓa yayin magana.

Ba a haɗa magana da nuni a lokaci guda. Mai ji yana iya kallon ƙafar malami yana sauraron bayani. Yaron nan ido biyu gare shi, ko dai leɓe ko ƙafa. Don haka a faɗi jimla ɗaya ana kallon yara, a yi shiru, a nuna da jiki, a dawo a kalle su. Kowace doka a nuna ta sau biyu, ɗaya yadda ake so, ɗaya yadda ba a so, tare da alamar da za ta biyo baya.

Alamu huɗu sun isa a makon farko. Tuta sama cak: tsaya. Tuta ta sauko da ƙarfi: fara. Tuta a miƙe gefe: ƙwallon ƙungiyar da aka nuna ce. Hannu biyu suna juya juna a gaban ƙirji: canjin 'yan wasa. Idan aka kawo alama goma rana ɗaya, masu ji za su manta su koma ihu, shi ke nan an koma gidan jiya.

Kada a tambayi yaron "ka gane?" Zai gyaɗa kai, domin ya daɗe da sanin cewa gyaɗa kai ne ke kawar da idon jama'a daga kansa. A ɗaga tuta a ga abin da ajin zai yi. A kira yara uku su nuna alamun, shi ya zama na biyu ko na uku, ba na farko ba.

Dokar da ta fi kowace: wanda ya ga tuta ya zama tuta

Tutar malami kaɗai ba ta isa ba. Yaron da ke jan ƙwallo kansa a ƙasa yake, ko ya ba malami baya. Maganin shi ne a watsa alamar. Malami ya ɗaga tuta, masu tutar kusurwa huɗu su ɗaga tasu nan take, kuma duk ɗan wasan da ya gani ya tsaya cak ya ɗaga hannu biyu sama. Cikin ƙiftawar ido filin ya cika da hannaye, duk inda yaron ya kalla sai ya gani, ko da ƙafafun da suka daina motsi ne a gabansa.

Sai dai wannan ba zai zauna ba muddin usur na nan. Idan ana busa usur tare da tuta, masu ji da kunne za su tsaya, ba wanda zai kula da tuta, ba wanda zai ɗaga hannu, kuma har yanzu shi ne zai zama na ƙarshen tsayawa. A ajiye usur a aljihu na tsawon mako uku ko huɗu, sai dai don haɗari. A nan ne malamai da yawa ke ja da baya, suna ganin an tauye yara 47 saboda ɗaya. Gaskiyar magana, wannan ita ce dabarar da ake bi a gasar Olamfik ta kurame, wadda aka fara a birnin Paris a 1924: alƙalin ƙwallo yana amfani da tuta, masu tsere kuma fitila ke tashinsu a maimakon bindiga. Kuma ɗaga kai a duba fili abu ne da duk kocin ƙwallo ke fama ya koya wa yara.

A yi atisayen dokar da wasan ɗumama jiki na minti biyar. Yara su yi gudu a da'ira, malami a tsakiya. Tuta ta tashi, kowa ya daskare da hannu sama. Sai malami ya ɗaga kwali mai lamba 3, yana juyawa a hankali kowa ya gani, tuta ta sauko, yara su haɗu uku-uku. A lura da tsarin: tsayawa tukuna, lamba bayanta, sannan izinin motsi. Idan aka ɗaga kwalin suna cikin gudu, wanda ya yi sa'ar kallon malami a lokacin shi zai riga kowa, sauran su ji lambar daga bakin abokansu, yaron ya rasa rukuni. Wanda ya rasa rukuni ba a fitar da shi. Ya yi tsalle biyar ya dawo. Wasan da ake fitar da wanda ya makara kullum shi zai fara fitarwa.

Ƙwallon kanta

A raba yara 48 ƙungiya takwas, shida-shida. Malami ne zai raba ta hanyar ba kowa lamba da yatsu. Ba a barin kyaftin biyu su zaɓa, an san wanda za a bari a ƙarshe. A shata fili biyu gefe da gefe, kowanne taku 30 tsawo, taku 20 faɗi, da tazarar taku uku a tsakani inda malami zai tsaya. Ƙaramin fili da gangan ne: a taku 30 ana ganin fuska da hannu, a babban fili ba a gani. Ƙungiya huɗu na wasa, huɗu na jira, daga masu jiran ake ɗaukar masu tuta takwas. Zagaye huɗu na minti biyar-biyar, kowace ƙungiya ta buga biyu. Da bayani da ɗumama jiki an ci minti 30, sauran biyar na canji ne da komawa aji.

Wurin da za a sa yaron abin tunani ne. Abin da aka fi yi shi ne a tura shi gola a ce "a nan yana ganin komai". Gaskiya ne yana gani, amma idan kullum nan ne wurinsa, an dai canza masa gindin bishiya ne kawai. Ya fara daga baya ta hagu, inda wasa ke gabansa kuma kunnen dama ke kallon tsakiya. A zagaye na biyu ya koma gaba. Gola kuwa ta zagaya kan kowa.

Sai batun neman ƙwallo. A wannan wasa ba a nema da baki. Mai so ya shiga inda mai ƙwallo zai gan shi, ya ɗaga hannu ɗaya, ya nuna ƙasa inda yake son ta sauka. A zagayen farko na kowace ƙungiya a yi wasan shiru gaba ɗaya: duk wanda ya kira suna ko ya yi ihu, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Da farko za a yi ta karya dokar ana dariya, ba laifi. A zagaye na biyu a bar su su yi magana, amma hannu ya tafi tare da baki.

A koya wa yara yadda ake jan hankalinsa: a shigo ta gabansa a kaɗa hannu, ko a taɓa kafaɗa sau biyu da tafin hannu. Ba jifa da tsakuwa, ba fizgar riga ta baya, ba taɓa kai. Ba a kuma kiransa "bebe" ko "kurma" a matsayin suna. A ba kowane yaro a ƙungiyar alamar suna ta hannu, kamar yadda kurame ke yi wa junansu, su yaran su zaɓa, muddin ba tsokana ce da wani aibu na jiki ba. Abu na ƙarshe, a hana shiga wa ɗan wasa ta baya, ga kowa. Mai ji yana jin takun mai zuwa ya shirya jikinsa, shi kuwa sai dai ya ji an banke shi, kuma faɗuwar da ba a shirya mata ba ita ke karya hannu.

Yadda ake gane ko abin yana aiki

Kallo kawai yana yaudara, domin yaro na iya yin gudu minti biyar cur ba a ba shi ƙwallo ko sau ɗaya ba. A ba wani daga masu jira takarda da fensir ya ja layi duk lokacin da ɗaya daga cikin yara uku ya taɓa ƙwallo, yaron na cikin ukun, ba tare da an ce don shi ake yi ba. Idan biyun sun samu bakwai da tara shi ya samu biyu, kuma biyun ma ƙwatowa ya yi, to ba a ba shi. A sa doka cewa ƙwallo ba ta ƙirguwa a raga sai ta bi ƙafar 'yan ƙungiya huɗu daban-daban. Kada a ce "sai an ba wane". Wannan yana mai da shi kaya a wuyan ƙungiya, abokan hamayya su tsare shi su biyu, abokansa su ji haushinsa.

Ma'auni na biyu, malami ya ƙirga a zuciya daga tashin tuta zuwa tsayawar yaron. Idan ya wuce ƙirga biyu bayan sauran, kusan kullum laifin masu tutar kusurwa ne, sun shagala da kallon wasa. A gaya musu malami suke kallo, ba ƙwallo ba, kuma a canza su kowane zagaye. Idan kuma an ga yaron yana yawan waiwayen malami har ƙwallo na wuce shi, alama ce bai yarda cewa abokansa za su sanar da shi ba. A ƙara atisayen ɗaga hannu. Doka ba ta canzawa ana cikin wasa. Idan dole ne, a tsayar da kowa, a dawo rabin da'ira, a nuna.

Idan yaron na da na'urar ƙara ji

Gumi da ƙura su ne abokan gabarta, kuma hunturun Kaduna yana da ƙurar da ta isa. A tambayi iyaye ko ya sa ko ya cire. Idan zai sa, a ɗaura mata zare a maƙale a wuyan riga ta baya, don in ta faɗi kada a taka. Idan zai cire, a sa ta a ƙaramin gwangwani mai murfi a hannun malami, kuma a gama duk bayani kafin ya cire. Bayan wasa a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe gidan batir ta sha iska a inuwa, ba a rana ba. Yaron da aka dasa wa na'ura a kai ta hanyar tiyata ba ya sa wa ƙwallo kai, kuma sai da izinin likitansa zai shiga wasan da ake gogayya.

Wasannin gida

Dara da carafke da 'yar gala-gala ba sa bukatar gyara sosai, ido da hannu da ƙafa ne. A dai riƙa nuna ƙirga da yatsu ko da tsakuwa a gefe maimakon faɗa da baki. Langa tana karɓar tuta daidai yadda ƙwallo ta karɓa, sai dai a rataya wa ruwa ƙyalle na daban don kowa ya san shi, kuma a ɗaga tuta idan ya sha. Yaron da gwajin ƙafa ɗaya ya nuna yana tangal-tangal ya fara da tazarar taku biyar a kan yashi, da rana tsaka ba da yamma liƙis ba, ba tare da ture ba, a ƙara a hankali.

Gaɗa ce mai ɗan wuya, tunda waƙa ke jan ta. Yarinya mai raunin ji ta tsaya daura da mai bayar da waƙa, ba gefenta ba. Mai bayarwa ta riƙa buɗe hannu sosai wajen tafi don a ga bugun, ta kuma ɗaga hannu sama daidai inda amshi zai shigo. Kafin a shiga da'ira, ƙawa ɗaya ta riƙa buga mata kiɗan a kafaɗa da yatsu har zagaye uku ko huɗu, sai jikinta ya kama. Idan damina ta kora wasa cikin aji, ruwa na dukan kwano, ba mai jin kowa. A nan sai a kifa babban bokitin roba ko a kawo ganga a ɗora kan benci, ita ta zauna a kan bencin ko ta dafa shi, bugun ya riƙa zuwa mata ta katako, a kuma buɗe tagogi duka don haske ya sauka kan fuskar mai bayarwa.